Yadda ake rubuta gwajin shafin shiga da wani zai bi ba tare da ya neme ki ba

“Assalamu alaikum Malam. Ina horon sanin makamar aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a nan Katsina. Muna gina wa wata makaranta shafin da iyaye za su riƙa shiga suna duba sakamakon 'ya'yansu. An ce in rubuta gwaje-gwajen shafin shiga, na rubuta guda 12, irin su ‘a sa kalmar sirri mara kyau a ga ko zai hana’. Shugaban sashenmu ya mayar min, wai babu sharuɗɗan farko, babu matakai, babu sakamakon da ake sa rai. Yaya ake rubuta su?”

Wa'alaikumus salam, Malama. Ma'aunin da nake aiki da shi ɗaya ne. Ki miƙa wa abokin aikinki takardar, wanda bai taɓa ganin shafin ba, ki fita ki bar shi da ita. Idan ya kai ƙarshe bai kira ki a waya ba, kuma hukuncin da ya yanke, ya ci ko ya faɗi, shi ne dai wanda ke ma za ki yanke, to gwajin ya rubutu. Duk inda ya tsaya yana tambayar wane asusu zai sa, ko me ya kamata ya gani, nan ne giɓin yake. Kamar saƙon da kika ba direba a tasha ya kai Daura ne: in sai ya tsaya a Mashi ya buga miki waya yana tambayar unguwa, laifin kwatancen ne, ba na direba ba.

Kafin ki rubuta komai, ki nemi inda aka rubuta abin da shafin ya kamata ya yi. Sakamakon da ake sa rai ba daga abin da shafin yake yi yanzu ake kwafo shi ba. Wannan shi ne ramin da sababbi suka fi faɗawa: su buɗe shafin, su sa kalmar sirri ba daidai ba, su ga abin da ya fito, su rubuta shi a matsayin abin da ake so. Gwajin da aka rubuta haka ba ya faɗuwa muddin shafin bai canza ba, domin shafin aka tambaya ko ya yi daidai da kansa. In kamfaninku ba shi da rubutacciyar ƙa'ida, kuma ƙananan kamfanoni da yawa ba su da ita, ki zauna da shugaban sashenku minti goma ki rubuta amsoshinsa, ki tura masa ya tabbatar. Daga wannan takardar gwaje-gwajenki za su fito.

Bari mu ɗauki gwajin kalmar sirrin da ba daidai ba mu cika shi. Zan ɗauka cewa ana shiga da imel da kalmar sirri, kuma rubutun da ke kan allo na Turanci ne. Ki musanya da abin da ke naku.

Lamba: `TC-LOGIN-03`

Suna: Imel mai rajista da kalmar sirri ba daidai ba, ba a shiga.

Sharuɗɗan farko: Ana aiki a shafin gwaji, ba wanda iyaye ke amfani da shi ba. Akwai asusun iyaye mai imel `gwaji03@example.com`, an tabbatar da shi, ba a kulle yake ba, kalmar sirrinsa `Daura#2024x`, kuma ƙidayar kuskurensa tana kan 0. An buɗe Chrome a sabuwar tagar `Incognito`, babu wanda ya shiga a cikinta.

Matakai:
1. Buɗe `/login`.
2. A gurbin `Email` rubuta `gwaji03@example.com`.
3. A gurbin `Password` rubuta `Daura#2024y`.
4. Danna `Sign in` sau ɗaya.
5. A wurin adireshi rubuta `/dashboard` ka danna shiga.

Sakamakon da ake sa rai: Bayan mataki na 4, adireshi yana nan a `/login`, saƙon `Invalid email or password` ya bayyana, gurbin kalmar sirri ya koma fanko. Bayan mataki na 5, an mayar da mutum `/login`, babu sunan ɗalibi ko sakamakonsa da ya bayyana.

Yanzu duba sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, za ki ga babu wanda aka sa don ado. Shafin shiga yana da ƙwaƙwalwa. Yana tuna ko asusu a kulle yake, yana tuna sau nawa aka yi kuskure, burauza kuma tana tuna ko wani ya shiga ɗazu bai fita ba. Saboda haka matakai iri ɗaya suna iya ba da sakamako uku daban-daban gwargwadon halin da aka tarar da asusun. In ba ki faɗi cewa ƙidaya tana kan 0 ba, abokin aikinki da ya yi wasa da asusun da safe ya bar ta kan 4, ke kuma ki zo da rana, kuskurenki ɗaya ya kulle asusun, saƙon da ya fito ya saɓa wa wanda kika rubuta, ki kai rahoton matsalar da babu ita. In ba ki ce sabuwar taga ba, wani zai buɗe `/login` shafin ya wuce da shi ciki kai tsaye saboda shigar jiya, ya rasa ma gurbin da zai rubuta imel. Don haka nake ba kowane gwaji asusunsa, kuma lambar asusun ta dace da lambar gwajin, kamar yadda kika ga 03 a wurare biyu. Ƙirƙirar asusun gwaji ashirin ba ta cin komai, amma asusu ɗaya da mutum huɗu ke rabawa yana cinye yini.

Sharaɗin farko hali ne, ba aiki ba. “Akwai asusu kaza” sharaɗi ne. “Je ka yi rajista” aiki ne, kuma in kika sa shi cikin matakai, ranar da shafin rajista ya lalace duk gwaje-gwajen shiga za su faɗi alhali shafin shiga lafiyarsa lau. Hanya mai sauƙi ta bambance su: duk abin da in ya gagara ba laifin shafin shiga ba ne, wurinsa sharuɗɗa. Kuma kada ki taɓa sa asusun wani uba na gaske a takardar gwaji, ko da shi ya ba ki. Adireshin `example.com` an keɓe shi ne musamman don misalai irin wannan, ba na kowa ba ne. Sai dai imel ba ya isa can, don haka gwajin da ke buƙatar karanta saƙon da aka aika sai da akwatin da kamfaninku ya tanada.

Matakai ba su da wuyar bayani. Kowane mataki aiki ɗaya, da ainihin abin da za a rubuta, da ainihin sunan maɓallin kamar yadda yake a allo. Lura da kalmar da na zaɓa a mataki na 3: harafi ɗaya ne ya raba ta da ta gaskiya. Da gangan ne. In kika bar wa mai gwaji ya zaɓi “mara kyau” da kansa, wani zai rubuta `123`, shafin ya ƙi ta tun a burauza saboda gajarta, buƙatar ba ta ma kai ga saba ba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Gwajin zai ci, amma ba a gwada abin da kike nufi ba, wato kwatanta kalmar da aka rubuta da wadda aka adana.

Sakamakon da ake sa rai shi ne inda ake gane mai gwaji. “Zai hana” ba abin da ido ke gani ba ne. Shafin da ya maƙale yana juyawa bai bar mutum ya shiga ba, shafin da ya fito da farin allo mai `500 Internal Server Error` shi ma bai bari ba, amma babu wanda zai ce sun yi daidai. Ki rubuta abin da za a iya nunawa da yatsa: wane adireshi, wane saƙo harafi da harafi, wane gurbi ya koma fanko. Sannan ki ƙara abin da bai kamata ya faru ba, wanda shi ne aikin mataki na 5. Ana samun shafin da zai nuna jan saƙon kuskure, amma shafin cikin ba shi da mai gadi, duk wanda ya san adireshin sai ya shige. A shafin da ke ɗauke da sakamakon 'ya'yan mutane, wannan matakin ya fi sauran huɗun nauyi.

Kalmomin saƙon su ma abin gwadawa ne. Ki rubuta gwaji na dabam da imel ɗin da ba shi da rajista, ki sa sakamakonsa ya zama: saƙo iri ɗaya sak da na `TC-LOGIN-03`. In shafi ya ce wa wannan `Wrong password`, ya ce wa wancan `User not found`, ya gaya wa duk mai son sani waɗanne imel ne ke da asusu a makarantar, kuma ɓarawo ya sami rabin abin da yake nema. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da shawarwarin tsaron manhajojin yanar gizo, ta daɗe tana ba da shawarar saƙo guda ga duka biyun. In kin iya buɗe kayan aikin burauza da `F12`, ki leƙa sashen `Network` ki ga ko lambar amsar ma iri ɗaya ce. Wani lokaci rubutun allo ɗaya ne, amma a ƙarƙashi ɗaya ya dawo da 401, ɗayan da 404, asirin dai ya tonu ta bayan gida.

To, ga inda nake so ki fi zama a kai: kulle asusu bayan kuskure da yawa. A nan ne sharuɗɗa da matakai da sakamako suke nuna amfaninsu gaba ɗaya, kuma nan ne matsaloli suka fi ɓoyewa. Mu ce shugabanku ya ce: “In aka yi kuskure sau 5, a kulle asusun na minti 15.” A kunne jimlar ta cika. A hannun mai gwaji kuwa, tambayoyi ne cike da ita. Kuskure na 5 ne ke kullewa, ko ana yafe 5 a kulle a na 6? A jere ake nufi, ko in mutum ya shiga lafiya a tsakani ƙidayar ta ci gaba daga inda ta tsaya? In aka kawo kalmar gaskiya a cikin minti 15 ɗin, a buɗe ko a ƙi? Ƙoƙarin da aka yi a lokacin kulle yana sake tayar da agogon? Asusun ake kullewa ko na'urar? Ba ke za ki amsa su ba, ke dai ki tabbatar an amsa a rubuce. Mu ɗauka an ce: na 5 ne ke kullewa, a jere, shiga lafiya tana mayar da ƙidaya 0, kalmar gaskiya ba ta buɗewa a lokacin kulle, agogo ba ya sake tashi, kuma asusun ne ake kullewa.

Daga wannan ƙa'ida ba gwaji ɗaya ke fita ba, huɗu ne aƙalla, domin matsala a bakin iyaka take zama. Gwajin da ya ce “a yi ta kuskure har ya kulle” zai ci ko da mai rubuta manhajar ya rubuta haka:

```
if (failed_attempts > 5) lock(account);
```

Wannan layin sai a kuskure na 6 yake kullewa, domin 5 ba ta fi 5 ba. Abin da ake so shi ne `>=`. Alama ɗaya ce ta ɓace, kuma babu mai kama ta sai wanda ya ƙirga. Don haka gwaji na farko ya tsaya a ƙasan iyaka: kuskure 4, sannan kalmar gaskiya, a sa ran shiga. Na biyu ya taka iyakar. Ga shi a cike.

Lamba: `TC-LOGIN-08`

Suna: Kuskure na 5 a jere yana kulle asusu, kalmar gaskiya ba ta buɗewa ko daga wata na'ura.

Sharuɗɗan farko: Akwai asusu `gwaji08@example.com`, kalmar sirrinsa `Kusugu!77a`, ba a kulle ba, ƙidaya kan 0. A shafin gwaji an saita iyaka 5 da kulle na minti 15. Akwai kwamfuta da waya, babu wadda aka shiga asusun a cikinta, wayar tana kan datarta ba kan wayifai na ofis ba.

Matakai:
1. A kwamfuta buɗe `/login`, sa imel ɗin da `Kusugu!77b`, danna `Sign in`, jira amsa ta fito.
2. Maimaita mataki na 1 sau 3, ya zama kuskure 4.
3. Maimaita sau ɗaya, ya zama na 5. Rubuta lokacin da agogo ya nuna.
4. Nan take sa imel ɗin da `Kusugu!77a`, danna `Sign in`.
5. A waya buɗe `/login`, sa imel ɗin da `Kusugu!77a`, danna `Sign in`.

Sakamakon da ake sa rai: A matakai na 1 da na 2, kowane karo saƙon `Invalid email or password` kawai. A mataki na 3, saƙon kulle da aka amince da shi ya fito. A mataki na 4 da na 5 ba a shiga ba, adireshi yana `/login`, saƙon kullen ya sake fitowa.

Kowane mataki na ƙarshe farautar wata matsala yake yi ta musamman. Na 4 yana neman manhajar da ke duba kulle ne kawai bayan kalma ta zo ba daidai ba. A irin wannan, allo zai ce an kulle, amma mai lalube zai ci gaba da gwada kalmomi, ranar da ya dace da ta gaskiya ƙofa ta buɗe. Kullen ya zama na baki. Na 5 yana neman manhajar da ta ajiye ƙidayar a cikin burauza maimakon rumbun bayanai, wadda sauya na'ura ko buɗe sabuwar taga ke shafe ta. Na ce wayar ta kasance kan datarta ne domin a bambance kulle asusu da kulle adireshin intanet, wato lambar da saba ke gane layin da na'ura ta shigo ta kai. In duka biyun suna kan layin ofis, adireshinsu a idon saba ɗaya ne, kuma ba za ki san wanne aka kulle ba.

Wannan bambancin ya shafe mu a nan sosai. Ranar da aka saki sakamako, iyaye da yawa shagon kwamfuta za su je, a wajen Ƙofar Ƙaura ko wani wuri, a duba musu a na'ura ɗaya. Kamfanonin waya ma sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi guda. In adireshi ake kullewa, kuskuren uba ɗaya zai tsayar da duk wanda ke layi a shagon. Ya dace ki ƙara gwaji gajere: bayan an kulle `gwaji08`, a shiga da wani asusu lafiyayye daga kwamfutar nan dai, a sa ran ya shiga.

Gwaji na uku shi ne na agogo, kuma shi ma gefe biyu gare shi. A minti na 14 bayan lokacin da aka rubuta, kalmar gaskiya ba ta buɗewa. A minti na 16 tana buɗewa. Na bar tazarar minti ɗaya kowane gefe ne saboda agogon hannunki da na saba ba lallai su daidaita a daƙiƙa ba. Mutane suna ƙyuyar wannan gwajin don zaman jira, amma akwai wata matsala da shi kaɗai ke fito da ita. Lokacin Najeriya yana gaban lokacin UTC, ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya, sabobi da yawa kuma da UTC suke aiki. In an adana lokacin ƙarewar kulle da agogon Najeriya ana kwatanta shi da na UTC, kullen minti 15 sai ya koma minti 75. In aka yi akasin haka, lokacin ƙarewar ya riga ya wuce tun kafin a adana shi, asusun ba zai kullu ba sam. Idan kika ga asusu ya ƙi buɗewa a minti na 16 ya buɗe bayan awa ɗaya da kwata, ki rubuta wannan adadin a rahotonki, mai gyara zai gane inda zai duba tun kafin ya buɗe fayil. In an rage miki lokacin kullen zuwa minti 2 a shafin gwaji don sauƙi, babu laifi, amma ki rubuta hakan a sharuɗɗa.

Na huɗu yana gwada komawar ƙidaya 0. Kuskure 4, shiga da kalmar gaskiya, fita, kuskure 1, sannan kalmar gaskiya. Ana sa ran shiga. In ƙidayar ba ta koma 0 ba, wannan kuskure ɗayan ya cika 5, asusun ya kulle. Matsala ce mai wuyar ganewa daga koken jama'a, domin a hankali take taruwa: uwa ta yi kuskure biyu a zangon farko, biyu a na biyu, ranar da ta yi ɗaya a na uku a ce an kulle ta, ta rantse sau ɗaya ta kuskure, kuma gaskiyarta.

Za ki tambaya yaya za a san ƙidaya tana kan 0 tunda ba a ganin ta a allo. In an ba ki damar karanta rumbun bayanan gwaji, layi ɗaya ya isa, sunayen teburi da gurabe dai sai ki tambayi naku:

```
SELECT failed_attempts, locked_until
FROM users WHERE email = 'gwaji08@example.com';
```

In ba a ba ki ba, ki roƙi a yi miki hanyar mayar da asusun gwaji sabo, ki rubuta ta a sharuɗɗa. Kada ki dogara da “shiga sau ɗaya don ƙidaya ta koma 0”, tunda wannan ɗin shi ne abin da gwaji na huɗu ke tuhuma.

Saƙon kullen kansa yana da ƙaya. In asusu mai rajista ne kawai ke samun `Account locked`, imel na bogi kuma ya ci gaba da samun saƙon farko ko sau nawa aka gwada, an sake tona wa ke da asusu, ta doguwar hanya. Wasu kamfanoni suna nuna saƙo ɗaya ga kowa, irin “an yi ƙoƙari da yawa, a jira”, wasu suna karɓar haɗarin don kada iyaye su rikice. A shafin makaranta ni na fi son saƙo ɗaya ga kowa, amma shawarar ta shugabanku ce. Naki shi ne ki ɗaga tambayar, ki rubuta gwajin bisa amsar.

Sauran gwaje-gwajen da aka saba, gurbi fanko, ɓoye kalmar sirri da ɗigo-ɗigo, fita sannan a danna maɓallin komawa baya, suna bin wannan tsarin, ba sai na zayyana su ba. Abin da zan ƙara shi ne abubuwan da masu amfani da shafinku za su yi da hannunsu, waɗanda ba za ki same su a misalan da aka rubuta don wasu ƙasashe ba. Yawancin iyaye da waya za su shiga. Madannin waya yakan mayar da harafin farko babba, kuma in mutum ya zaɓi kalmar da ya ba shi shawara yakan bar fili ɗaya a ƙarshe. Sai ki rubuta gwaji da `Gwaji11@example.com`, wani kuma da fili bayan `.com`, ki faɗi ƙarara a matakin cewa akwai fili, tunda ba a ganin sa a takarda. A imel, abin da aka saba so shi ne a shiga. A kalmar sirri kuwa babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, wannan ma gwaji ne mai zaman kansa. In da lambar waya ake shiga, lamba ɗaya tana da fuska uku: mai farawa da 0 mai lambobi 11, mai farawa da +234, da mai 234 babu alamar. A tambaya wanne ake karɓa, a ba kowace gwajinta.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Bahaushe zai iya sa ƙ ko ɗ ko ɓ a kalmar sirrinsa, madannin wayarsa yana da su. Ki yi asusu mai kalma irin `Ɗanɗano#58ƙ`, ki gwada shiga da ita daga waya da kwamfuta, a sa ran shiga. Ki kuma gwada `Dandano#58k`, a sa ran a ƙi. In ta biyun ta buɗe, wani wuri a hanya yana sauya haruffan ko yana zubar da su. Akwai kuma wata iyaka da ta danganci wannan: kowane ɗayan haruffan nan bayit 2 yake ci a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, ba 1 ba kamar haruffan Turanci, kuma bcrypt, wadda manhajoji da yawa ke sarrafa kalmar sirri da ita kafin adanawa, bayit 72 na farko kawai take dubawa. In shafinku ya yarda da doguwar kalma, gwajin iyakar tsawo da aka yi da haruffan Turanci zalla bai gama aikin ba.

Na ƙarshe shi ne rashin ƙarfin sabis, kuma ya koma kan ƙidayar nan. Uba a ƙauye ya danna `Sign in`, shiru, ya sake dannawa, ya sake. In maɓallin bai daina karɓa bayan dannawar farko ba, buƙata uku ne suka tafi, kuskure ɗaya ya zama uku a ƙidaya. Shi ya sa na rubuta “sau ɗaya” da “jira amsa ta fito” a matakan da suka gabata, don kada wannan ya gurɓata su. Shi kuma ki ba shi gwajinsa: a sashen `Network` na Chrome akwai wurin rage saurin intanet, ki zaɓi mafi jinkiri, ki sa hakan a sharuɗɗa, matakin ya ce a danna sau 3 da sauri, sakamakon ya ce buƙata ɗaya ce ta bayyana a jerin, ƙidaya kuma ta ƙaru da 1.

Game da rubuta hukunci, ki bar gurbi dabam na abin da ya faru a zahiri, kada ki taɓa gurbin abin da ake sa rai bayan an fara gwaji, sai in ƙa'idar ce aka canza. Hukunci kuma uku ne, ba biyu ba. In kin zo gudanar da `TC-LOGIN-08` kin tarar asusun a kulle tun farko, gwajin bai faɗi ba, bai ma fara ba. Ki rubuta `Blocked` da dalili, a gyara asusun, ki sake. `Fail` na lokacin da sharuɗɗa suka cika, aka bi matakai, abin da ya fito ya saɓa, kuma a nan ki faɗi lambar matakin da ya saɓa, da saƙon da kika gani harafi da harafi, da hoton allon, da lokacin.